Kunnen Direba

Sau biyu direban ya faɗi gwajin saurare na kamfanin bas. Saura dama ɗaya, in ya sake faɗuwa aikin ya tafi. Wasula biyu na harshen ƙasar da ya zo zama duk ɗaya yake jin su.

“Baba, ba kurma ba ne kai,” in ji malamar ajin koyon harshen. “Tun kana goye kunnenka ya saba da sautukan harshenku, shi ya sa yake zuba baƙin wasulan nan biyu a kwando ɗaya. Da wa kake gwadawa?”

“Da mijin ’yata, ɗan ƙasar nan ne.”

“To muryarsa ka haddace.”

Ta ba shi na’ura mai muryoyin mutum takwas, maza da mata. Ya ji kalma, ya zaɓi wasalin da ya ji, na’urar ta faɗa masa nan take ko ya dace. Bayan mako huɗu ya ci gwajin.

Ranar, suna cin abinci, surukin ya maimaita wa abokansa maganar tsohon, kamar yadda ya saba. Suka sunkuyar da kai suna murmushi. Shekara shida direban yana ɗaukar wannan a matsayin girmamawa. Yau ya ji wasalin da surukin ke karkatarwa da gangan, yana kwaikwayon bakinsa.

Ya dubi ’yarsa. Ita tun farko tana ji.