Fitsarin Tsakar Rana

Kwana arba'in da tara Saliha ba ta faɗi ba. Dijatu, mahaifiyarta, ita ke riƙe da lissafin, don tun yarinyar tana da shekara tara farfaɗiya ke kayar da ita, yau ga ta da goma sha shida. Sabuwar ƙwayar da likitan Azare ya ɗora ta a kai ce ta kawo wannan sauƙi, har ta koma makaranta. Wanda duk ya taɓa ƙwayar nan ya taɓa ran Dijatu.

Sai ga shi likitan da kansa yana neman taɓawa. Sun taso daga Katagum duba jini, ya tsura wa takardar sakamakon ido ya ƙi ɗagowa.

"Hajiya, fararen ƙwayoyin jini iri biyar ne," in ji Dakta Ikrima. "Akwai wasu da muke kira iyosinofil. A ɗari, bai kamata su wuce shida ba. Nata goma sha biyar ne."

"Ciwon daji ne?" Dijatu ta tambaya.

"Sauran jinin lafiya lau, ban ga alamarsa ba. Abu uku ne suka fi tayar da su: tsutsa, ko jiki ya ƙi wani abu, irin masu asma, ko kuma magani. Ƙwayarta na cikin masu yin haka, kuma a irin waɗannan makonnin take yi. In ita ce, dole mu canja."

Tambaya ya shiga yi kamar alƙali. Tana atishawa? Ƙirji na shaƙewa? Ƙaiƙayi? Babu ko ɗaya. Ya duba fatarta babu ƙuraje, fuska ba ta kumbura ba, babu zazzaɓi, babu kaluluwa, gwajin hanta ma ya yi kyau. Wannan ya rage wa ƙwayar laifi, amma bai wanke ta ba.

"Tana shiga kogi?"

"Mai farfaɗiya? Ko bakinsa ba ta zuwa!" Dijatu ta amsa da ƙarfinta. Saliha dai ƙasa take kallo.

Ya ce a kawo kashi da fitsari. Dijatu mace ce mai tsari. Ranar Laraba ta tashi 'yarta da asuba, ta tari fitsarin farko a kwalba, don kowa a unguwarsu ya san shi asibiti ke so, ta ƙulle a leda har biyu. Sakamako ya fito, ba a ga komai ba. In ba tsutsa ba ce, saura ƙwayar ke nan. Ba ta taɓa jin baƙin cikin takarda mai tsabta ba sai ranar.

Tana zaune a benci tana share ido, mai gwajin, wata dattijuwa da ake kira Ya Fanna, ta leƙo.

"Baiwar Allah, ƙarfe nawa aka yi fitsarin nan?"

"Da asuba mana. Ko ruwa ba ta sha ba."

"To ai nan gizo yake saƙa. Ƙwan tsargiya, tsutsar nan da ake ɗauka a kogi, da tsakar rana ya fi fita, kuma a ɗigon ƙarshe. Ku jira sha biyu."

Dijatu ta so ta ce 'yarta ba ta san kogi ba, amma ta haɗiye. Da sha biyu ta yi, Ya Fanna ta karɓi sabuwar kwalba, ta juya a inji, ta ɗiga abin da ya kwanta a gilashi. Ba ta daɗe a kan madubin ƙara girman abu ba ta yafito Dijatu.

"Zo ki gani da idonki."

Ga su nan, ƙwai dogaye, kowanne da 'yar ƙaya a gindi. Nan Saliha ta fashe da kuka. Tun daminar bara take bin ƙawayenta wanki a kogi, iya gwiwa kawai, don ta gaji da zama ita kaɗai. Ta ma taɓa ganin ja-ja a ƙarshen fitsari ta ɓoye.

Faɗa ya zo wa Dijatu har maƙogwaro, sai ta ji bakinta yana cewa alhamdulillahi. Kan tsutsa fa!

Dakta Ikrima ya rubuta maganin tsargiya daidai nauyinta. Ya ce ƙwayar farfaɗiya na rage masa ƙarfi, don haka za a sake duba fitsarin, jini kuma mako mai zuwa. In ƙuraje ko zazzaɓi suka fito, su zo a ranar. Kogi kuwa, ya ce, ko babu tsutsa faɗuwa ɗaya a ruwa ta isa ta halaka ta.

"Ƙwayarta fa?" Dijatu ta tambaya.

"Ta ci gaba da sha."

A motar Katagum Saliha ta langaɓe a kafaɗar uwarta. Shekara bakwai ke nan, in kan nan ya langaɓe sai Dijatu ta zabura ta ɗaga shi ta leƙa idon. Yau gyara mata mayafi kawai ta yi, ta bar ta ta yi barcinta.