Hannun wakiliyar Chaina

Da Malam Musaddiq ya bar mu mun zaɓi ƙasashenmu da kanmu, da abin bai faru ba. Amma shi mutum ne mai son ƙuri'a. Ya nannaɗe takardu goma sha biyar ya zuba a hularsa, ya ce yau ajinmu ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma wasan nan shi ne gwajin zangon, maki talatin cif.

Ni na zaro shugabancin zama. Ƙawata Amatullahi ta zaro Chaina. Birtaniya, mai rubuta daftarin, ta faɗa hannun Nu'uman, malamin firamare daga Zango da ya dawo ƙarin karatu da furfurarsa. Nan matsalar take, don Nu'uman yayan mijin Amatullahi ne. Ko sunansa ba ta faɗa.

Malam ya rubuta dokoki a allo. Ƙuduri sai da ƙuri'a tara. Ƙasashe biyar masu kujerar dindindin, ko ɗaya ce ta ce a'a, magana ta mutu. Ƙaurace wa ƙuri'a ba hawa kujerar na-ƙi ba ne. Kowa da katin umarni daga gwamnatinsa, wanda ya saɓa wa katinsa sifili ne.

Amatullahi ta karkato min nata ta ƙarƙashin benci. An rubuta: kada ki bari ƙudurin da ya hana cinikin dabbobi ya wuce. Ga shi ta taɓa faɗuwa kwas ɗin nan bara. In ta sake, ba za ta fita da mu ba.

Ƙasar da za a ƙaƙaba wa takunkumi Malam ne ya ƙirƙiro ta, wai Tamarga, inda sojoji ke karkashe farar hula. Nu'uman ya karanta daftarinsa tamkar mai huɗuba: a hana sayar musu da makamai, a hana manyansu tafiye-tafiye, a riƙe kadarorinsu, a haramta sayen dabbobinsu, don da harajin dabbobin suke sayen harsashi. Da ya zo kan dabbobi sai muka dubi juna. Mu mutanen Daura mun ga yadda kasuwar Mai'adua ta koma lokacin da aka rufe boda.

Na ba da minti goma na tuntuɓa. Ƙasashe suka ruɗe da ƙus-ƙus, ita kuwa Chaina, uwar masu ƙarfi, ta je gaban Birtaniya ta ɗan rusuna.

"Yaya, da dai an cire sakin layi na huɗu, na dabbobin nan."

"Babu Yaya a nan," in ji Malam daga bayan aji.

"Wakilin Birtaniya," ta gyara, idonta a ƙasa.

Nu'uman ya girgiza kai. Shi ma katinsa ya ɗaure shi: dole ƙudurin ya wuce da batun dabbobi a ciki, ko ya sha sifili. Ya yarda takunkumin ya zama na shekara ɗaya a sake dubawa, amma batun dabbobi ya ce ba ya taɓuwa.

Muka koma kujeru. Na buga dasta a tebur na ce, "Masu goyon bayan daftarin su ɗaga hannu."

Na ƙirga takwas. Ni ma ina da ƙuri'ar ƙasata, katina kuma ya ce in goyi baya. Na dubi Amatullahi, na ce a raina ai makamin na hannunta, sai na ɗaga nawa. Tara.

"Masu adawa?"

Hannaye biyu suka tashi, duk na ƙasashen da ba su da kujerar dindindin. Rasha ta riga ta yi ciniki da Birtaniya, ta naɗe hannu. Nu'uman bai ko dubi Amatullahi ba, biro yake jujjuyawa. Ita kuma hannunta na cikin hijabi. Na ga ya motsa, ya taho har ƙirji, ya tsaya. Na sake ƙirga hannaye biyun nan kamar masu yawa, na yi tarin ƙarya, na gyara takardu. Wallahi ji nake kamar in tsallake tebur in ɗaga mata shi da kaina.

"Shugaba, lokaci," Malam ya ce.

"Masu ƙauracewa?"

Huɗu. Nata ne ya fara tashi. Da bakina na ce daftari ya samu ƙuri'a tara, babu na-ƙi, an zartar. Malam ya rubuta wani abu a gaban sunanta, bai ɗauki daƙiƙa ba.

A bakin famfo na ritsa ta, raina a ɓace.

"Ke wace irin mutum ce? Ba ga shi a allo ba, ƙauracewa ba ta kashe ƙuduri?"

"Na gani, Hadiyya."

"To me ya hana ki?"

Ta wanke fuska ta goge da gefen hijabi.

"In na ɗaga, shi zai sha sifilin, a gaban sa'annin 'ya'yan cikinsa. Da maigidan ya ce ba inda za ni, Yaya ne ya yi sati uku yana zarya gidanmu har aka bar ni na shigo makarantar nan."

Ta ɗauki jakarta ta tambaye ni ko na san ranar da ake fara rajistar masu maimaita kwas.