Kibiyar da Hoto Ya Rufe

A hanyar Murree, in direban babbar mota ya kunna siginar dama, nufinsa na baya ya wuce. Gulzar, direban babbar mota, ya fi kowa sanin haka. Amma tun mararraba koriyar kibiyar siginarsa ta dama ke ƙiftawa a gabansa, hoton 'yarsa ya rufe ta, rediyo ya danne ƙararta.

Wani mai madara a babur ya yarda da siginar, ya fito zai wuce shi daidai kwana, ya kauce wa bas da ke tahowa, sai rami.

Gulzar ya ɗauko shi ya sa a cikin motarsa.

"Ustad direba, ba kai ka ce in wuce ba?" in ji mutumin, riƙe da karyayyen hannu.

Gulzar har zai ce siginar ta lalace. Ya ɗaga hoton, ga kibiyar tana ƙiftawa, lafiyarta ƙalau.