Sunan Mai Rakiya

Saura wata biyu Auta ta gama jami'a wasiƙar ta shigo akwatin imel ɗinta. Kwamitin ladabtarwa na tsangaya yana gayyatarta nan da kwana goma, bisa zargin cewa rahotonta na ƙarshe, wanda ta yi a kan gwajin ruwan rijiyoyi, ya yi kama da na wani da aka kira "Ɗalibi B". Manhajar da ke kwatanta rubuce-rubuce ta nuna kashi sittin da ɗaya iri ɗaya ne, kuma Ɗalibi B ya riga ta miƙawa da kwana biyu. In laifin ya tabbata, sifili ne a rahoton, kuma babu digiri a bana.

Ba ta kira kowa ba sai Doguwa. Tun ajin farko suke tare kamar tif da taya, har maman Auta takan ce 'ya'ya mata biyu ta haifa, ɗayar ce dai ta fi cin abinci. Doguwa ta zo a guje, ta karanta wasiƙar, ta dafe ƙirji.

"Mai shagon buga takardun nan da kika kai wa aikinki ne, wallahi. Shi ke sayar da aikin mutane," in ji Doguwa. "Amma ke, ki ji shawarata. Ki shiga ki ce kuskure ne, ki ba da haƙuri. Laifin farko ai sassauci suke yi. Masu gardama su ake kora."

"In amsa abin da ban yi ba?"

"To, ki ja da malamai ki gani."

Saura ƙiris ta bi wannan shawara. Sai bayan kwana uku da ta sake karanta wasiƙar ta ga layin ƙarshe, inda aka ce tana iya neman taimako a ofishin ƙungiyar ɗalibai. Can ta sami mai ba da shawara, wata mace mai tabarau da ɗalibai ke kira Anti, a ɗaki mai kujeru biyu da fanka mai ƙara. Anti ba ta iya lallashi ba, amma ta san aikinta.

"Kuka ba hujja ba ne, ƙanwata, share hawayenki," in ji ta. "Kin yi ko ba ki yi ba?"

"Ban yi ba, Anti."

"To kada ki amsa. In da kin yi, da ni da kaina zan ce ki faɗa tun da wuri. Yau ki rubuta wa sakatariyar kwamiti ki nemi duk hujjojin da za su duba, haƙƙinki ne. Ki karanta dokar makaranta a kan satar rubutu da haɗa baki. Kada ki goge komai, kada ki gyara komai a fayil ɗinki. A ina kika yi rubutun?"

Auta ta ce a intanet take ajiye shi. Anti ta nuna mata inda manhajar rubutu ke adana tarihin fayil, kowane gyara da ranarsa da sa'arsa. Wata huɗu na wahalarta suka bayyana a jere, har da ranar da ta goge babi guda don haushi. Anti ta ce ta haɗa da littafinta na ɗakin gwaji, ta rubuta bayani shafi ɗaya: abin da ya faru daki-daki, ba zagi, ba zargin wanda ba ta da shaida a kansa.

"Wa kika taɓa ba aikin nan?"

"Mai shago. Sai ƙawata, ta duba mini kurakuran rubutu." Auta ta yi saurin ƙarawa, "Ita kam ba ruwanta."

Anti ta dube ta ta saman tabarau. "Rubuta shi duk da haka. Kuma kina da damar zuwa da mutum ɗaya ya zauna kusa da ke. Ki aika musu da sunansa."

Wannan ai ba abin tunani ba ne. Ta aika sunan Doguwa, ko gaya mata ba ta yi ba, don me za a tambayi hannu ko zai raka baki? Washegari da hantsi tana kan layin shiga laburare amsar sakatariya ta zo tare da hujjojin. Layi biyu ne kacal: wadda kika ambata ba za ta iya raka ki ba, domin tana cikin waɗanda lamarin ya shafa; a aiko da wani suna.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Auta ta fita daga layi ta zauna a kan matakala, ta buɗe rahoton Ɗalibi B. Jumlolinta ne, an juya musu riga. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ciwon da ya fi na wasiƙar farko nesa ba kusa ba. Kwana huɗu ke nan Doguwa tana zuwa ɗakinta, tana cin abincinta, tana koya mata yadda za ta amsa laifi. Wayarta ta yi ta ruri da kiran Doguwa a ranar, ba ta ɗauka ba.

Anti ce ta raka ta. Mutum uku ne a bayan tebur, shugabar kwamiti da malamai biyu daga wani sashe, sai sakatariya a gefe tana rubutu. Shugabar ta karanta zargin, ta ce adadin da manhaja ta nuna ba shi ne hukunci ba, abin da hujja ta fi rinjaya a kai za su bi. Sannan ta ce Ɗalibi B ta rubuto cewa Auta ce ta kwafi aikin daga kwamfutarta.

Auta ta bi takardarta. Ta nuna tarihin fayil, ta miƙa littafin gwaji. Wani malami ya tambaye ta dalilin da ya sa ta watsar da sakamakon rijiya ta bakwai, ta ce kwalbar ce ta gurɓata, ta buɗe masa shafin da ta rubuta haka. Da ya tambayi wani abin da ta manta, ta ce ta manta, kamar yadda Anti ta gargaɗe ta kada ta yi ƙage.

"Kin ba wani aikinki?" in ji shugabar.

"Na ba ta, ranki ya daɗe." Ta nuna saƙon da ta tura wa Doguwa, da ranarsa: ki duba mini kurakurai, don Allah. Shugabar ta ce ba wa ɗan aji aikin da ba a miƙa ba sakaci ne, kuma za su duba wannan ma. Hukunci zai zo a rubuce cikin kwanaki biyar na aiki, da bayanin yadda ake ɗaukaka ƙara.

Da suka fito, Doguwa na zaune a bencin baranda tana jiran nata kiran, idanunta sun kumbura. Auta ta so ta wuce, sai kuma ta juyo ta fuskance ta.

"Me na yi miki?"

"Ba ki gane ba ne," in ji Doguwa a hankali. "Ni an taɓa kama ni a aji biyu, ban gaya miki ba. Wannan na biyu ne, kora ce. Ke kuwa na farko ne. Na lissafa, iyaka ki maimaita shekara ɗaya. Shekara ɗaya fa kawai, Auta."

Ko kunya babu a muryarta, roƙo take yi da zuciya ɗaya. Auta ta tsaya tana kallon bakin da ya faɗi haka. Sakatariya ta leƙo ta kira Doguwa.

Doguwa ta miƙe tana gyara mayafi, ta waiwayo. "Ba ki nuna musu saƙon nan ba dai, ko?"

"Na nuna," in ji Auta.