Layin da ke Tsakiyar Katin

Manaja ta ba shi aikin ne tana kan hanyar fita, waya a kunne, makullin mota a hannu. Ta nuna tarin katin da ke kan teburin yanka da haɓarta, ta ce na ɗakin gwajin jini ne, a gama shi kamar na wancan karon, gobe da safe za su aiko a ɗauka. Ya ce to. Kafin ya rufe baki ta kai bakin titi.

Wancan karon ba ya nan. Bai cika wata a maɗaba'ar ba, kuma har yanzu a gwaji yake.

Ya ɗago takarda ɗaya daga saman tarin. Kati ne mai kauri, an jera katuna da yawa a fuska ɗaya, kowanne da alamar yanka a kusurwoyinsa. Wannan bai dame shi ba. Amma kowane kati yana da wata gajeriyar alama sama da ƙasa, wadda in aka ja layi tsakaninsu za ta raba shi gida biyu: babban ɓangare mai wurin rubuta suna da irin gwaji, da ƙarami mai wurin lamba da ranar dawowa. Zai iya zama layin yanka. Zai iya zama layin naɗi. Wuƙar injin ba ta da gyara. Abin da ta raba ya rabu, kuma katin da aka sayo don aikin nan shi ke nan a gabansa.

Ya fi shekara ashirin a ɗakin buga wata jarida kafin a rufe ta. A can inji ne mai tsawon gida, takarda na shiga a naɗe, ta fito a yanke a ninke ba tare da hannun kowa ba. Ya san tawada, ya san farantin bugu, yana jin ƙarar inji ya faɗi inda ciwon yake. Ƙananan ayyuka irin na shago, katin asibiti da rasit da takardar talla, kallonsu kawai ya taɓa yi. Amma ƙanin matarsa, wanda ya nema masa aikin, ya gaya wa Manaja a gabansa cewa duk abin da ya shafi takarda babu wanda bai sani ba. Shi kuma bai musa ba. A lokacin ya daɗe a gida babu aiki, kuma ya lura cewa maganganu suna wucewa ta gabansa kamar motocin da ba nasa ba. Tun daga ranar 'yan shagon ke kiransa Ɗan Jarida.

Ya fara da neman samfurin wancan karon. Ya duba kantar da ake ajiye ragowar ayyuka, ya ɗaga kwalaye, ya leƙa buhun tarkacen takarda. Babu. Sai ya nufi wurin mai zane, wanda ake kira Tabarau, ya tsaya a bayansa kamar wucewa yake yi, ya ce wannan zanen katin ya yi tsabta, shi ya yi? Tabarau bai ɗago daga kwamfuta ba. Ya ce daga wurin masu aikin ya zo a haɗe, shi turawa inji kawai ya yi, abin da ke faruwa bayan tawada ta bushe ba huruminsa ba ne. Daga nan ya juyo yana murmushi.

"Ko dai kati ya gagari Ɗan Jarida ne?"

Ya ce a'a, tawadar yake jira ta ƙara kamawa.

Tabarau ya ce gara haka, don wanda ya riƙe injin kafin shi tambaya ce ta kore shi. Komai sai ya je ofis, har Manaja ta ce ita ma'aikaci ta ɗauka, ba ɗan aji ɗaya ba.

A can ƙarshen shagon akwai matar da ke haɗa littattafai, wadda kowa ke ce wa Inna. Ya kai mata wani kwali da ba ta nema ba, ya tsaya yana kallon yadda take shafa gam a ƙashin bayan littafi. Ya ambaci katin ɗakin gwajin. Ta ce lokacin da aka yi na farko tana jinyar mijinta, ba ta ga ko ƙurarsa ba. Game da mutumin da ya tafi kuwa, ta ce ƙarya Tabarau yake yi, rashin tambaya ne ya kore shi: ya yanke wa wata makaranta bangon littafi gaba ɗaya a gajarce, sai da aka sake bugawa. Tabarau ya jiyo su, ya ce Inna ai gam ya daɗe da hawa mata kai. Ta ce shi kuma da idonsa huɗu bai taɓa ganin gaskiya ba. Suka yi dariya, kowa ya koma kan aikinsa.

Ya dawo gaban injin yanka da labari biyu, kuma duka a ƙofar fita suka ƙare. Rigar aikin mutumin da ya tafi tana jikinsa. Hannunta bai kai masa wuyan hannu ba.

Ya goge teburin injin. Ya sa mai a inda aka riga aka sa. Ya gwada kalmomin a zuci: ban gane ba. Ya ji yadda za su fito daga bakin mai furfura, a gaban macen da ta yi sa'ar ƙanwarsa ta ƙarshe. Ya yi tunanin ya yanka gefuna kawai ya bar tsakiyar, amma bai san ko akwai abin da ya kamata a yi tun takardar tana ɗaya ba. Ya yi tunanin ya zaɓi naɗi ya rufe ido. Bai ji tsoro ba. Ya san dai in ya koma gida da rana tsaka, matarsa za ta ɗago kai daga keken ɗinkinta, ta dube shi, ta ci gaba da ɗinki, kuma ƙaninta ba zai sake ɗaga waya domin shi ba.

A ɗakin jarida, lokacin da shi ake tambaya, akwai masu zuwa hannu sake su ce yaya za a yi, akwai kuma masu zuwa da shafi a hannu, yatsa a kan wuri ɗaya. Na biyun ba ya ma tuna cewa sun tambaya.

A ƙasan tarin akwai takardun farko da aka daidaita inji da su, tawadarsu ta kode, ba sa cikin lissafin aiki. Ya zaro ɗaya. Ya saita ma'aunin injin a kan alamomin gefe, ya sauke madanni, ya danna maɓallan biyu da hannu biyu, wuƙa ta sauka. Ya fitar da katuna biyu masu tsabtar baki. Ɗaya ya raba shi a kan layin tsakiya. Ɗayan ya ja masa layi da bayan wuƙa a jikin rula ya ninke. Ya ajiye su a aljihun riga ya jira.

Manaja ta dawo da yamma tare da wani mai son takardar talla. Ya bari suka gama ciniki, mutumin ya fita, ta zauna ta cire takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur. Sannan ya ƙwanƙwasa gilashin ofis, ya shiga, ya ja ƙofar.

"Ranki ya daɗe, abu ɗaya nake so mu daidaita kafin in sa wuƙa. Gefuna na saita, ga su." Ya ajiye katunan a gabanta. "Layin tsakiyar nan ne. Wancan karon ba na nan. A raba, ko a ninke?"

Ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki ɗayan, ta shafa bakinsu da babban yatsa.

"Ba ko ɗaya."

Ya tsaya. Fankar ofis tana ɗaga kusurwar wata takarda tana ajiyewa.

Ta ce huda shi ake yi, layin ƙananan hudoji irin na rasit, don a yage wa mara lafiya ƙaramin ya tafi da shi, ya dawo da shi ranar karɓar sakamako. Kuma tun takardar tana ɗaya ake hudawa, sannan a yanka. Ta dube shi ta tambaya ko ba shi ta nuna wa ba. Ya ce ba shi ba ne. Ta ce af, wancan da ya tafi ne. Ta tambaya ko ya taɓa tarin. Ya ce bai taɓa ba, waɗannan daga takardun gwaji suke.

Ta mayar da takalminta, ta ɗauki wani makulli daga aljihun tebur. A ɗakin baya, bayan kwalayen tawada, akwai wani ƙaramin inji a lulluɓe da tsumma, wanda ya sha wucewa ta gefensa. Ta yaye tsumman.

"Ka taɓa aiki da irinsa, Baba?"

Ta ƙofar da ke buɗe yana ganin ƙeyar Tabarau, wanda hannunsa ya daina motsi a kan kwamfuta.

"Na ga ana yi. Ban taɓa riƙe shi ba. Ki nuna min a takarda ɗaya, sauran nawa ne."

"Ƙanin matarka ya ce babu abin da ba ka sani ba."

"Haka ya ce."

Ba ta yi dariya ba. Ta sassauta ƙusa, ta matsar da wata ƙaramar taya mai haƙora zuwa kan alamar, ta ɗaure, ta daidaita sandar gefe, ta tura takardar gwaji. Ta fito da ɗigon hudoji a jere daga sama har ƙasa. Ta yaga ta nuna masa, ta ce in taya ta danna da yawa katin zai rabu a hannun ma'aikaci tun bai kai ga mara lafiya ba, in ba ta danna ba sai ya yage a karkace. Ya tura tasa. Ta yaga, ta duba, ta ce ya ɗan sassauta. Ya sassauta, ya sake turawa. Ta yaga, ta duba, ta ajiye makullin a kan injin.

A bakin ƙofa ta tsaya, ta dubi hannun rigarsa. Ta ce rigar nan ta yi masa kaɗan, gobe ya biya wurin telan da ke kusurwar layi ya ba da awonsa, ya ce daga shago ne.

Ya ce to.

Ya ɗauko tarin daga teburin yanka, kaɗan-kaɗan, ya jera a gefen injin. Ya ɗan dakata ko zai ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Daga cikin shago Tabarau yana tambayar Inna ko ta ji Ɗan Jarida ya koma aji ɗaya, ita kuma tana ce masa ya ji da aikinsa. Ya ɗauki takarda ta farko, ya jingina ta da sandar gefe, ya tura.