Jan Iri da Wasiƙar Habsatu

Habsatu ba ta iya yin shiru ba, ko da a ce shirun zai fi mata sauƙi. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu sayar da irin gero a Matankari. Irin nan an cuɗa shi da maganin ƙwari mai dafi, an rina shi ja don kowa ya san na shuka ne. Bana rumbuna sun yi ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, tana tsoron kada wata ta daka shi ta yi fura.

Don haka ta sa Inusa, mai shagon buga takardu a Dogon Dutsi, ya buga mata takardun gargaɗi guda dubu. Yawancin masu sayen ba su karatu, hoton ne zai yi magana: jan gero da ƙaton giciye a kan turmi. Ya fitar mata da gwaji, ja jawur, ta sa hannu, ta riƙe kwafinta.

Da ta kwance ƙunshin a gida, na sama lafiya lau. Daga tsakiya zuwa ƙasa kuwa jan ya koɗe, ya koma kalar geron rumbu sak. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta kira Inusa a waya, ya ce, "Haba Hajiya, ja ai ja na!" Ya kashe.

Sai ta zauna ta rubuta wasiƙa da rubutunta na yaƙi da jahilci, baƙaƙe manya-manya. Washegari ta kai da kanta, ta ajiye masa a kan tebur gaban mutane. Inusa, mai son a san ya yi lakwal, wato boko, ya buɗe ya karanta da ƙarfi:

"Malam Inusa, bayan gaisuwa. Takardun da ka buga ba kalar da na sa wa hannu ba ce. Ga gwajin, ga ɗaya daga ƙasan ƙunshi. Ga kuma ƙulli biyu na hatsi. Ka aza su bisa hotonka, ka gaya mini wanne ne takardarka ta hana a ci."

Ya kwance ƙullin, ya fita da su haske bakin ƙofa. Geron ci ne ya dace da hoton. Mai dafin kuwa ko kusa.

Sai ya buɗe cikin injin ya zaro gwangwanin jar tawada, ya girgiza shi, fayau. Ashe jan ya ƙare ana tsakiyar bugu, rawaya ta rinjayi hoton, shi kuma bai duba na ƙasa ba.

"Laihina na, Hajiya," in ji shi a hankali. "Yanzu ni ka sake su duka."

Habsatu ta ja kujera ta zauna kusa da injin, gwajinta a cinya. Duk takarda ta hamsin sai ta zare ta gwada, daɗi fal zuciyarta. Da za ta tafi, Inusa ya roƙi guda ɗaya. Tasa uwar ma, can Geceme, jan iri ta saya bana.