Tambayar Shanun Adamawa

A ranar da Malama Nuriyya ta zama shugabar sashen tarihi da labarin ƙasa da tarbiyyar ɗan ƙasa, a wata kwaleji mai zaman kanta da ke unguwar Briqueterie ta birnin Yaoundé a Kamaru, abin da ta gada shi ne kabad guda cike da tsofaffin takardun jarrabawa da kuma ƙorafin iyaye. Ƙorafin ba sabo ba ne. Aji huɗu, masu shirin rubuta jarrabawar ƙasa ta BEPC, kashi biyu ne. Malamin wannan kashi ya ba da tambayoyi masu laushi yara su kwashi maki, malamin wancan ya ba da masu tauri yara su fito suna zare ido, sannan a jera sakamakon wuri ɗaya kamar da mudu ɗaya aka auna. Nuriyya ta ce a gina rumbun tambayoyi na sashen gaba ɗaya, kowa ya riƙa ɗiba daga ciki.

Tsarin ba shi da wuyar faɗa, yinsa ne aiki. Kowace tambaya za ta shiga kwamfuta a layinta, da lambarta, da amsar da ake so, da yadda ake raba makinta, da shekarar da aka yi amfani da ita a ƙarshe. Sannan a liƙa mata alamomi uku. Ta farko darasin da ta fito daga ciki. Ta biyu nauyinta: mai sauƙi, matsakaiciya, ko mai wuya. Ta uku abin da take gwadawa a kan yaro, ko hadda ce kawai, ko iya karanta taswira da jadawali, ko kuwa kawo hujja da tunanin kansa. Malamai biyu ke sa alamar, kowa shi kaɗai, in sun saɓa a zauna a yi ta. Nauyin da malami ya ƙiyasta kuma na wucin gadi ne. Sai an koma ga takardun yaran da aka riga aka duba, a ga mutum nawa suka ci tambayar, kafin a tabbatar da shi.

Sashen nasu mutum uku ne. Akwai ita, akwai Malama Safinatu mai son gardama, sai Malam Lado, wanda ya koyar da ita kanta Nuriyya tun tana ɗaura ɗankwali a karkace. A ƙarshen shekarar zai ajiye alli. Babu lungu a unguwar da ba ɗalibinsa: teloli, mahauta, masu tasi, har limamai biyu. Yawancin tambayoyi masu kyau da ke kabad ɗin nan da rubutunsa suke, wasu kuma suna kansa bai taɓa rubutawa ba. Nuriyya ta san in ya ji an taɓa mutuncinsa ya janye, rumbun zai zama fanko. Abin da ya fi wannan damunta kuwa, ba ta so ta zama ita ce za ta kunyata malaminta a shekararsa ta ƙarshe.

Ga mamakinta, shi ya fi kowa zuwa da wuri. Kowace Laraba da rana, bayan an tashi yara, sai ya jawo kujera kusa da taga inda hayaƙin masu tsire ke shigowa, ya gyara tabarau, ya ce a karanto. Kwamfutar dai bai yarda ya taɓa ta ba, cewa ya yi ba ta yi masa laifin komai ba. Amma kunnensa ya fi nata kaifi. Shi ya gano tambayoyi biyu da suke abu ɗaya cikin riga daban. Shi ya nuna cewa a darasin koguna duk tambayoyinsu hadda ce, babu ko ɗaya da ke sa yaro ya kalli taswira, ya zauna ya rubuta guda huɗu a take. Safinatu ta yi ta ja da shi a kan wata tambayar zamanin mulkin Jamus a Kamaru, ko matsakaiciya ce ko mai wuya, har shayi ya huce, ƙarshe ya ce ita ke da gaskiya.

Sai aka zo kan tambayarsa da ta yi suna. Duk wanda ya bi ta ajin Malam Lado ya san ta: me ya sa naman da ake ci a Yaoundé daga tudun Adamawa ake kawo yawancin shanunsa, ba a kiwonsu a kurmin kudu? Da ita yake rufe jarrabawar zango na biyu. Ita kanta Nuriyya ta faɗi tambayar nan a zamaninta, ta je gida ta yi kuka, ba ta kuma manta ba. Malam Lado ya sa mata alama ba tare da ya ɗaga kai ba: tattalin arzikin Kamaru, mai wuya, kawo hujja. Safinatu ma haka ta sa.

Da Nuriyya ta koma ga takardun yara na shekarun baya-bayan nan, sai ta ga abin da ya sa ta sake ƙirgawa. Tara cikin goma sun ci tambayar. Yaran da suka kasa nuna kogin Sanaga a taswira sun ci ta daidai da na gaban aji. Kuma amsar iri ɗaya ce, a jere ɗaya, kusan da kalmomi ɗaya: ƙudan tsando da ke kashe shanu a kurmi, yalwar ciyawa a kan tudu, jirgin ƙasa daga Ngaoundéré. Tambayar da kowa ke ci, mai ƙoƙari da marar ƙoƙari, ba ta rarrabe kowa da kowa. Satar amsa ce ta fara zo mata a rai, amma ajujuwa daban ne, shekaru daban, masu tsaro daban.

A wurin Maliki mahauci ta samu bayanin, ranar da ta tsaya sayen nama a hanyar gida. Ɗiyarsa tana aji huɗu, sai Nuriyya ta tambaye shi yadda karatunta yake. Ya ce lafiya lau, ai har ya riga ya koya mata tambayar Malam Lado. Bai ajiye wuƙar ba ya karanto mata amsar tiryan-tiryan, tsando, ciyawa, jirgi. Telan da ke shagon gefe ya leƙo ya gyara masa wuri ɗaya. Maliki ya ce shi sau biyu ya faɗi tambayar, ya rantse babu ɗansa da zai sake faɗuwa, kuma duk gidan da ya sani haka ake yi, yayye su koya wa ƙanne, iyaye su koya wa 'ya'ya.

Nuriyya ta yi dariya a gabansa, amma da nauyin zuciya ta isa gida. Ta yi tunanin ta bar alamar yadda take, wa zai sani? Sai dai ta san abin da zai biyo baya. Duk malamin da ya nemi tambaya mai wuya ta kawo hujja, kwamfuta za ta miƙa masa wannan, ya ɗauka ya gwada tunanin yara alhali hadda ya gwada. In ta yi wa rumbun ƙarya sau ɗaya don kunya, to ba ta da bakin hana wani.

Ranar Laraba ta jira Safinatu ta fita alwala, sannan ta ajiye takardun yaran a gabansa. Ta ce, "Malam, akwai abin da nake so ku duba da kanku. Ni na kasa sa hannu."

Ya ɗauki ta farko ya karanta, ya ɗauki ta biyu, ya ci gaba. Tun yana karantawa a hankali har ya koma duba layin farko kawai yana ajiyewa. Ta faɗa masa adadin, ta kuma ba shi labarin Maliki da tela. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Nuriyya ta ga ransa ya sosu, ita ma sai ta ji kamar ta kwashe takardun ta ce ta yi kuskure.

"Wato shekara da shekaru ina ba da cikakken maki ina murna," in ji shi, "ina cewa yaran yanzu sun fi ku kai. Ashe karatun Maliki nake dubawa."

Ta fara cewa ai tambayar ba ta da aibi, ya ɗaga mata hannu. Ya ce ranar da ya ƙirƙiro ta tambaya ce ta tunani, domin babu wanda ya taɓa jin amsar, amma yau yaro na shigowa da ita a aljihu, kuma alama ba don malami ake sa ta ba, don wanda zai ɗauki tambayar bayansa ne. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya jawo kwamfutar gabansa, ya ce ta nuna masa layin. Da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ya goge "mai wuya" ya rubuta "mai sauƙi", ya goge "kawo hujja" ya rubuta "hadda".

Safinatu ta dawo ta tarar da shi yana zana jadawali a bayan wata takarda. Gurbin tambaya mai wuya da ya buɗe yake cikewa da wata sabuwa. Ya kawo wasu yankuna biyu da bai ambaci sunansu ba, ya ba da ruwan saman kowanne, da irin tsirransa, da nisansa da kasuwa, ya ce yaro ya zaɓi inda zai kafa garke ya kawo dalili. Ya ce a rubuta a gefenta cewa a riƙa sauya alƙaluman, kuma kada a maimaita ta sai an tsallake shekaru, tunda yanzu ya san unguwar da yake ciki. Nauyinta kuma a sa na wucin gadi har sai yara sun gwada ta. Safinatu ta ce wannan ai matsakaiciya ce, ya ce mai wuya ce, suka dasa sabuwar gardama.

Da suka tashi, Nuriyya ta tambaye shi ko a cire tsohuwar gaba ɗaya, tunda kowa ya san ta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana saka hula. Ya ce a'a, a bar ta, amma a daina rufe jarrabawa da ita, a riƙa buɗewa da ita, yaro ya fara da abin da ya sani hankalinsa ya kwanta.

"Na yi ta fama in sa wa yara abu ɗaya a kai, ashe har iyayensu ya shiga," ya ce. "Wadda ta yi sauƙi haka, ai ita ce kaɗai na tabbata na koyar."

Ya sauka matakala ya bi ta layin mahauta. Ta taga Nuriyya ta hango Maliki ya ajiye wuƙa ya fito yana gaishe shi da hannu biyu.